Ɗaukar sikirinshot ana tsakar aji a Zoom: sai an tambaya ko kuwa kunna kyamara ya isa?

Tambaya: Salamu alaikum. Ina koyar da mata lissafin sana'a ta Zoom, su 23 ne, yawanci matan aure na nan Sakkwato. Masu ɗaukar nauyin ajin sun ce in riƙa turo musu hoton shaida, sai na yi sikirinshot ana tsakar darasi na tura musu, na kuma sa a guruf da sitatus. Ashe wata ba hijabi gare ta ba, ɗankwali kawai, ƙanwar mijinta ta gani ta kai magana gida. Ni ganina ita ta kunna kyamara da kanta. Laifina ne? Kuma ya zan yi gaba tunda hoton dole ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Aikina ke nan, haɗa wa makarantu da ƙungiyoyi taro da aji ta intanet, don haka bari in gaya miki kai tsaye, e, nauyin bisa kanki yake, ko da yake na san ba da mugun nufi kika yi ba. Kuma gyaran bai da wuya in an bi shi da wuri.

Inda lissafinki ya kauce shi ne wurin "ita ta kunna". Ta kunna, gaskiya ne, amma mi ta yarda da shi lokacin da ta kunna? Ta yarda mata 22 da malamarsu su gan ta, a wannan awa, ana karatu. Iyakar abin da ta bayar ke nan. Ba ta yarda a aje fuskarta cikin wayar kowa ba, ba ta yarda ma'aikatan wani ofis da ba ta sani ba su gani, balle duk mai lambarki ya buɗe sitatus ya iske ta. Gani daban, ajewa daban, watsawa daban, kuma kowane da izininsa. Macen da ta cire hijabi a ɗakin ƙawarta don duk mata ne ba ta ce a buɗe tagar da ke kallon titi ba. Ki tuna ma garin da muke, a watan Afrilu zafi na haura digiri 40, ga ba wuta, mace na cikin ɗakinta tana jin darasi tana fifita, wa zai ce ta zauna da hijabi har ƙasa alhali ta san ajin mata zalla ne? Ta yi shigar da ta dace da mutanen da ta san suna kallonta, ke kika ƙaro mata wasu masu kallo ba ta sani ba.

Akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba game da manhajojin nan, kuma shi ke sa ake sakin jiki. In an danna Record a Zoom ko Google Meet ko Teams, kowa na samun sanarwa, Zoom har da murya yake faɗa, alama kuma ta tsaya a sikirin har a gama, wanda bai so sai ya kashe kyamara ko ya fita. Sikirinshot ba haka yake ba. Zoom ba ya faɗa, Meet ba ya faɗa, kiran bidiyo na WhatsApp ba ya faɗa, saboda wayarki ce ke ɗaukar abin da ke fuskarta, manhajar ba ta aika wa kowa labari. Mutane na ruɗewa don sun ga WhatsApp na hana ɗaukar hoton da anka turo da View once, sai su zaci kiran bidiyo ma haka ne, ko kaɗan. Kuma ko da ace an toshe, wanda ke da waya ta biyu sai ya ɗaga ya ɗauki sikirin ɗin, ba manhajar da za ta hana wanga. Ma'ana baiwar Allah ba ta da wata hanya da za ta san kin ɗauka sai ke kin faɗa da bakinki. Shi ya sa na ce nauyin na mai ɗauka ne, don shi kaɗai ya san abin na faruwa.

A addinance ma ba sabon abu ba ne gare mu, hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa an sanya neman izini ne saboda gani. Kyamarar da ke kunne cikin ɗakin mace ido ne cikin gidan mutane, bayanta kana ganin gado, kana ganin kayan ɗaki, yaro ya gitta ba wando, kishiya ko uwar miji ta wuce da ɗaurin ƙirji ba ta ma san ana aji ba. Waɗanga na baya su ne ake mantawa da su, su kam ko kyamarar ba su kunna ba.

Ta ɓangaren doka kuwa, akwai dokar kare bayanan mutane ta Najeriya da anka sa wa hannu a watan Yunin 2023, da hukumar NDPC da ke kula da ita. Hoton da za a iya gane mutum a ciki bayanin mutum ne a dokar, balle in da sunansa a ƙasa yadda Zoom ke rubutawa. Dokar ta sassauta wa abin da mutum ya yi don amfanin kansa da iyalinsa, amma ke aji kike gudanarwa kina kai rahoto ga ƙungiya, wanga ya fita daga harkar gida. Abubuwa biyu a cikinta sun shafe ki kai tsaye. Sashe na 26 ya ce shiru ko rashin yin komai ba yarda ba ce, don haka "ai ba wadda ta ce a'a" ba hujja ba ce. Sashe na 31 kuma ya ce in yaro ne, yardar uwa ko uba ko mai riƙonsa ake nema, to in akwai 'yan mata da ba su kai 18 ba a ajin, sai kin koma ga iyaye. Kuma wanda ya yarda yau yana da damar janyewa gobe. Ba ina tsorata ki da kotu ba ne, a garin nan abin da zai fara cin ki shi ne magidanta su ce an daina ajin waya, kuma in ɗaya ya faɗa a majalisa bayan la'asar sai ki ga biyar sun ɓace sati mai zuwa.

Yanzu gyaran wanda ya riga ya fita, kuma ki fara yau don lokaci na da tasiri. Kafin ki goge sitatus ɗin ki duba jerin waɗanda sunka gani, zai ba ki hoton yadda abin ya yaɗu, ko da yake wanda ya kashe Read receipts ba zai fito a jerin ba. Sannan ki goge, kar ki ce bari awa 24 ta cika ya sauka da kansa. A guruf ki danne saƙon ki zaɓi Delete for everyone, wagga dama kwana biyu ce da ɗan ɗoriya daga lokacin da kika tura, in ta wuce sai Delete for me kawai za ki gani, wanda ke kaɗai yake ɓoye wa. Ko kin samu kin goge wa kowa, kar ki ɗauka ya ƙare, mai iPhone da hotuna ke sauka cikin Photos kai tsaye zai iya kasancewa da shi, wanda ya riga ya tura wani wuri ma haka. Saboda haka sai kin bi da rubutu a guruf: hoton ajin ranar kaza na ɗauka ba tare da na tambaye ku ba, na goge, don Allah duk wadda ya sauka a wayarta ta goge, kar a tura ko'ina. Kar ki ambaci sunan wadda abin ya shafa, kar ki ce "saboda wance ba ta sa hijabi ba", kuma don girman Allah kar ki sake turo hoton ki zagaye fuskarta ki ce wannan nake nufi. Na ga masu yin haka, waɗanda ba su lura ba da farko sai a lokacin su koma su buɗe su duba.

Sai wayarki. Gogewa daga galari sau ɗaya ba ya isa, yawancin wayoyi na aje abin da anka goge a Trash ko Recently deleted har kwana 30, ki shiga can ki ƙarasa shi. In kina da Google Photos ki duba nan ma da kwandon shararsa, don wasu wayoyin, irin su Samsung, suna aje sikirinshot cikin foldar DCIM tare da hotunan kyamara, sai ya hau intanet da kansa ba ki sani ba, ya kuma bayyana a duk wayar da ke kan imel ɗin nan, har wadda ɗiyanki ke wasa da ita. Masu ɗaukar nauyin kuma ki rubuta musu a fili cewa hoton da kika turo ba a nemi izinin na ciki ba, su goge, kar ya shiga rahoto ko shafinsu na Facebook, za ki kawo madadinsa. Wanga shi ne mafi gaggawa a wurina, don in ya shiga rahoton da anka buga ya bar hannun kowa.

Ita kuma baiwar Allah ki kira ta, murya, ko ki taka har gida in akwai fuska. Kar ki soma da "ai ke ma da kin sa hijabi". Ki ce kin ɗauka ba ki tambaya ba, ga inda kika sa, ga abin da kika goge, ga wanda ba ki da iko da shi. Ki gaya mata gaskiyar inda hoton ya je duka, har ofishin nan, kar ta ji daga baya. Sannan ki tambaye ta ko tana son ki yi wa maigidanta ko uwar mijinta bayani cewa ajin mata ne zalla kuma ke kika fitar. Ita za ta zaɓa, kar ki tsallake ta ki kira mijin da kanki, kina iya ƙara wuta a inda ta fara lafawa.

To mu zo ga "hoton dole ne". Ki koma ki tambaye su mi takamaimai suke son su tabbatar. Kusan ko yaushe amsar ita ce an yi ajin, ranar kaza, mutum kaza sun zo, kuma duk wannan ba ya buƙatar fuskar kowa. In asusun Zoom ɗin na biya ne, bayan an tashi mai asusun zai shiga shafin Zoom ta burauza ya je Reports, akwai jerin duk wanda ya shiga da lokacin shigarsa da na fitarsa da mintocin da ya yi, ana sauke shi a buɗe da Excel. Wanga ya fi hoto ƙarfi nesa ba kusa ba, hoto sakan ɗaya yake nunawa, rahoton na nuna wadda ta yi minti 5 ta gudu. In na kyauta ne, mai yankewa a minti 40, to ki buɗe Participants ki ɗauki jerin sunayen kawai, ko kowa ta rubuta sunanta a Chat. Sai dai kafin nan ki ce kowa ta yi Rename, in ba haka ba jerinki zai cika da TECNO SPARK da Infinix HOT da "Maman wane", ba wanda zai karɓi wannan a matsayin shaida. Ko shi jerin sunayen ki gaya musu tun ranar farko cewa ana tura shi ga masu ɗaukar nauyi.

In sun dage sai sun ga aji na gudana, ki ɗauki lokacin da kike Share Screen, darasin ya cika sikirin, fuskarki ke kaɗai a gefe, adadin mahalarta na nunawa a ƙasa. Ko kowa ta kashe kyamara ki ɗauki akwatunan baƙaƙe da sunaye a jiki. Ni wanga nake ba ajin mata shawara da shi kuma ban cika ganin an mayar da shi ba.

In kuwa har hoton fuskoki ake so, to a yi shi kamar yadda ake hoton yaye ɗalibai, da sanarwa da shiri. Tun ranar da za ki tura linki ki rubuta a guruf, misali: gobe in sha Allahu ƙarshen darasi zan ɗauki hoton aji guda ɗaya, ofishin masu ɗaukar nauyinmu kaɗai za a tura wa don rahoto, ba za a sa a sitatus ko Facebook ba, wadda ta yarda ta rubuto min "na yarda", wadda ba ta so ba komai kuma ba zai taɓa mata satifiket ko tallafi ba. Jimlar ƙarshen nan kar ki bar ta, don macen da ke tsoron a cire ta daga jerin masu samun jari za ta ce ta yarda ko ranta bai so, kuma wannan ba yarda ba ce. Sanarwar kuma ki ba da ita kwana guda kafin ranar ne saboda wasu sai sun shawarci mazansu, wasu kuma su tanadi hijabi kusa. Su turo amsar ta bayan fage, ba cikin guruf ba, kunya na sa mutum bin yawa.

Mu ɗauka cikin 23 ɗin nan 14 sun ce e, 6 sun ce a'a, 3 ba su ce komai ba. Ukun nan a'a ne, kar ki lissafa su da masu yarda. Da lokaci ya yi ki faɗa da baki: yanzu zan ɗauka, wadda ba ta ciki ta kashe kyamara. Ki jira, kar ki yi sauri. Netwok ɗinmu kin san shi, mace za ta danna Stop Video a wayarta amma hotonta ya daskare a sikirin ɗinki na wasu sakanni, in kin ɗauka nan take ta shiga. Sai kin ga akwatinta ya koma baƙi ko ya koma hoton furofayil, kuma shi ma ki duba shi, wasu fuskarsu ce a kai ko ta ɗiyansu. Wadda ta tashi ta bar waya a kunne, ke mai masaukin taron kina iya kashe mata ta Stop Video daga jerin mahalarta. Da laftof za ki ɗauka ba waya ba, waya fuska kamar huɗu take nunawa a shafi, sai kin yi ta ja kina ɗauka har sau shida, laftof kuwa Gallery na ɗaukar 25 a shafi guda, duk ajinki ya shiga. Akwai zaɓin Hide Non-video Participants, in kin kunna shi waɗanda sunka kashe kyamara za su ɓace gaba ɗaya har sunayensu, ke da 14 ɗin nan kawai za ku rage. Ki ƙirga ɗaya biyu uku da ƙarfi, ki danna Win+Shift+S ki ja akwati bisa fuskokin kawai, sannan ki ce na gama.

Kafin ki tura ki buɗe shi babba ki bi akwati akwati. Bayan kowa za ki duba, ba fuskarta ba. Sai gefen hoton: Chat a buɗe da maganar wata, sunan fayil, saƙon da ya faɗo daga sama, a Meet kuma lambar taron na nan a sikirin da cikin adireshin burauza, a kiran WhatsApp lambar wayar duk wadda ba ki aje sunanta ba tana fitowa. Wanga kuskure har manya ya ci, a ƙarshen Maris 2020 Firayim Ministan Birtaniya na lokacin, Boris Johnson, ya sa hoton taron ministocinsa na Zoom a Twitter da lambar taron a saman hoton kowa na gani. Ajin da ke amfani da linki ɗaya kowane sati, in lambarsa ta fita, wata rana sai ku ga ƙato ya faɗo muku cikin darasi. In za ki rufe wani abu ki yanke shi, ko ki ɗora masa baƙin akwati mai kauri. Alƙalamin haskaka rubutu na iPhone ko an zaɓi baƙi shara-shara ne, ana ƙara hasken hoto abin da ke ƙasa ya fito. Emoji bisa fuska kuma ba ya ɓoye mutum a unguwa, matar Mabera ko Arkilla da labulen ɗakinta da atamfarta da sunanta a ƙasa, danginta za su gane ta ko an rufe fuskar. Daga nan ki fara nuna wa su 14 ɗin, kowa ta ga kanta, wadda ta fito baki buɗe ko ido rufe ta ce a sake, a sake. Sannan ki tura inda kika ce kaɗai. In daga baya ofishin ya ce yana son sa shi a fosta ko Facebook, sabon izini ne, sai an koma an tambaya.

Abu guda da ya rage, ba ke kaɗai ke da waya a ajin ba. Ɗalibai na ɗaukar sikirinshot kullum, yawanci don allon darasi, kuma wanga ba laifi, sai dai fuskokin da ke gefe na shiga ciki, ga wayoyin da ke ɗauka da jan yatsa uku ko ba a yi niyya ba. Maganinsa ki rage musu buƙatar, ki ce duk abin da na nuna zan turo shi PDF bayan darasi, kuma ki cika alkawari. Ki sa dokar aji a bayanin guruf, ki maimaita ta da baki duk sanda sabuwa ta shigo: ba a ɗaukar fuskar kowa, wadda ta ɗauki allo ta yanke gefen, kuma ba a kallon aji tare da namiji a gefe ko a bar waya a buɗe a tsakar gida. Kar ki tilasta kunna kyamara tun farko har ƙarshe, lissafin sana'a ake koyo, murya da allo sun wadatar, kuma datarsu ma za ta fi daɗewa. Ki nuna musu a saitin Zoom inda ake sa kyamara ta zama a kashe lokacin shiga, don yawancin abin kunya a sakannin farko yake faruwa, mace ta danna linki tana kicin ko tana shayarwa ba ta san ta riga ta bayyana ba. Sannan ki faɗa musu gaskiya cewa dokar aji ba ta iya kulle wayar kowa, wadda za ta kunna kyamara ta juya baya ga bango, ta aje hijabi ko mayafi kusa da hannu. Ita wadda abin ya faru da ita, in ta dawo ta ce ba za ta sake kunna kyamara ba har a gama, ki bar ta, ki riƙa rubuta halartarta da sunanta a Chat.